Minti biyar kafin a tada fokilif: me zan faɗa wa direbobina?

*Assalamu alaikum Yaya. An ɗora ni a kan direbobin fokilif, motar ɗaga kaya, su huɗu a wani sito da ke kan hanyar Bukuru a nan Jos, taki da shinkafa muke saukewa. Manaja ya ce kullum safe in yi musu jawabin kariya na minti biyar kafin su hau mota. Sati biyu ke nan ina maimaita "a kula, a yi a hankali", har sun fara yi mini hamma, ga shi biyu daga cikinsu sun girme ni. Me ya kamata in riƙa faɗa?*

Wa alaikumus salam ƙanena. Hammar da suke yi ba raini ba ne, gaskiyarsu ce. "A kula" ba ta gaya wa mutum abin da zai yi da hannunsa ko da ƙafarsa, kuma direban da ya shekara goma a kan kujerar nan ya ji ta sau dubu. Ni ma da ita na fara, sai da wani dattijon direba ya ja ni gefe ya ce, "Oga, mu ma ba mu zo mu mutu ba, gaya mana abin da ba mu sani ba." Tun daga ranar na canja salo: magana ɗaya a rana, a tsaye a jikin motar, kuma a kan kayan da za a ɗauka a wannan yinin. Ba a ofis ba, ba daga takarda ba.

Kafin ka tara su, kai ka riga su zuwa da kwata ɗaya. Ka zaga. Ka ga tirela nawa ce a ƙofa, me ta ɗauko, buhu nawa aka jera a kan kowane falet, wato katakon da ake ɗora kaya a kai, ina ruwa ya kwanta, ina taki ya zube jiya ba a share ba. Abin da idonka ya gani a wannan zagayen shi ne jawabinka. In ka fito da shi daga kai kawai, komawa za ka yi kan "a kula".

Amma akwai magana ɗaya da nake so ka fara da ita, ka kuma dawo kanta duk bayan sati biyu ko uku ta wata fuskar, domin ita ce ke kashe direbobi, kuma yawancin waɗanda suka koyi tuƙin a hannun abokai ba wanda ya taɓa zaunar da su a kanta. Maganar kifewa ce.

Ka kai su gefen kujerar direba ko gaban sitiyari, inda aka liƙa wani ɗan allon ƙarfe. Sau da yawa za ka tarar maiƙo da ƙura sun rufe shi, sai ka goge da tsumma a gabansu. A irin motocin da aka fi samu a sito kamar naku, za ka ga an rubuta kilo 2,500, kusa da shi kuma an rubuta milimita 500. Kowane direba ya san lambar farko. Tambaye shi, zai ce maka "tan biyu da rabi take ɗauka." Ka tambaye shi ta biyun fa? A nan za ka ji shiru. To wannan ta biyun ita ce sharaɗin ta farkon. Ma'anarta, motar za ta ɗauki kilo 2,500 ne idan tsakiyar nauyin kayan bai wuce rabin mita daga gindin yatsun ƙarfen da ke ɗaukar kayan ba, wato daga inda kayan ke jingina. Da zarar tsakiyar nauyin ya matsa gaba, ƙarfin motar ya ragu, ko da kuwa ba a ƙara buhu ko ɗaya ba.

Kada ka yi musu wannan bayanin da baki kawai. Ka sa a kawo bokiti cike da ruwa, ka miƙa wa wanda ya fi kowa ji da ƙarfi a cikinsu. Ya riƙe shi a jikin cinyarsa, zai iya tsayawa har ku gama hira. Sai ka ce ya miƙe hannunsa gaba da bokitin. Ba zai kai ƙirga goma ba. Ruwan bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Fokilif ma haka take: tayoyin gaba su ne kafaɗar, ƙaton ƙarfen da ke bayanta shi ne ke danne ta don kada kayan gaba su rinjaye ta, yatsun kuma su ne hannun.

Yanzu mu yi lissafin da kayanku. Buhun taki kilo 50 ne. In an jera buhu 40 a falet, kilo 2,000 ke nan, ban da nauyin katakon. Falet ɗin da aka fi amfani da shi mita ɗaya ne ta wani gefen, mita ɗaya da santimita 20 ta ɗaya gefen. Lissafin da ake yi a tsaye shi ne ka ninka lambobin allon biyu, sannan ka raba da sabon nisan: 2,500 × 500 = 1,250,000. In direba ya shiga falet ɗin ta yadda zurfinsa mita ɗaya ne, tsakiyar nauyi na kan milimita 500, motar na da rarar kusan kilo 500, lafiya lau. In ya shiga ta dogon gefen, tsakiyar ya koma milimita 600, ka raba 1,250,000 da 600, za ka samu kilo 2,083. Ka ga rarar ta kusa ƙarewa, ga shi ba a ƙara komai ba. To yanzu ka ɗauka yana sauri, tirela na jira, bai tura yatsun har ƙarshe ba, ya bar tazarar taƙi ɗaya, kamar santimita 20, tsakanin falet da gindin yatsun. Tsakiyar ya koma milimita 800. Raba: kilo 1,562. Falet ɗin nan ne dai na jiya da shekaranjiya, buhu 40 ne dai, amma yau ya fi ƙarfin motar.

Wani injiniya zai iya ce maka wannan lissafin ya yi tsauri, domin bai sa nisan da ke tsakanin tayar gaba da gindin yatsun ba. Gaskiya ne. In aka sa shi, adadin zai kai wajen kilo 1,900 a irin wannan motar. Har yanzu bai kai 2,000 ba, kuma ni na fi son lissafin da in ya yi kuskure zai yi shi ta ɓangaren tsira. In allon motarku yana da ɗan jadawali na nisa da tsawo, shi ne alƙali, ba lissafina ba. Ka lura kuma, lambar tana raguwa in an ɗaga kaya can sama, tana kuma raguwa in an ɗaura wa motar wani abu a gaba, kamar ƙarin tsawon yatsu da makera ke yi. Allon da aka buga tun daga kamfani bai san da wannan ƙarin ba.

Direba ba zai tsaya yana ninkawa da rabawa tirela na jiransa ba, don haka abin da za ka bar masa a kai shi ne alamar da jikinsa zai ji. In kaya sun fi ƙarfin mota, sitiyari ne ke fara faɗa. Fokilif da tayoyin baya take juyawa, to in nauyi ya rinjayi gaba, bayan yakan yi sama-sama, sitiyarin ya yi sakwaf a hannu kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ka juya, motar ta ƙi bin ka. Duk wanda ya ji haka ya sauke kayan a inda yake, a rage buhu. Kuma ka faɗa musu da babbar murya, a gaban 'yan dako, cewa maganin da aka saba yi haramun ne a sitonka: wato a kira ƙarti biyu su haye ƙarfen baya don su danne motar. Na ga an yi wannan a wani sito da na yi aiki, kafin in zama shugaba. Janareto ne a cikin dogon akwatin katako, aka sa mutum biyu a baya. Motar ta ɗaga, kowa ya yi shewa. Da ta zo bakin ƙofa tayar gaba ta faɗa ɗan rami, akwatin ya zame gaba ya faɗi, bayan motar da ya yi sama ya dawo ƙasa da ƙarfi, ya watsar da su biyun. Ɗaya ya tashi yana kaɗe riga, ɗayan ya yi wata uku da karaya a ƙugu. Ɗan dako ne mai cin na yau da na yau, ka san abin da wata uku ke nufi a gidansa.

Wannan kifewa ta gaba ke nan. Ta gefe ta fi ta muni, kuma ita ce ta rana ta biyu. Ka tambaye su tayar fokilif nawa ce, za su ce huɗu. Ka ce to amma a kan duwatsu uku take zaune, kamar tukunya a murhu. Biyu su ne tayoyin gaba. Na ukun wani ƙarfe ne guda ɗaya a tsakiyar gindin baya, wanda tayoyin bayan biyu ke lilo a kansa don su bi ƙasa mai tudu da kwari. In makanikinku yana kusa, ya nuna musu shi su leƙa, mota a kashe. Muddin tsakiyar nauyin mota da kayanta yana cikin wannan murhun, tana tsaye. Murhun yana da faɗi a gaba, yana tsukewa zuwa baya. Abu uku ne ke fitar da nauyin waje: kwana da gudu, kaya a sama ana tafiya, da ƙasar da ta karkata. In biyu suka haɗu, misali mutum ya sauko da falet daga saman jeri bai gama saukewa ba ya fara juyawa, ba ya buƙatar gudu ma.

Abin da ke ba direbobi mamaki a nan, har da tsofaffin hannu, shi ne motar da ba ta ɗauke da komai ta fi saurin kifewa gefe a kwana fiye da wadda ke ɗauke da kaya a ƙasa-ƙasa. Dalili, in babu kaya nauyin yana komawa baya, inda murhun ya tsuke. Kuma a lokacin ne direba ke sakin jiki, ya sauke kaya yana komowa fayau, ya take ta kamar ɗan acaɓa. Ka tsaya wata rana ka lura da naka, za ka ga da kaya suna tafiya kamar amarya, babu kaya kuma sai ka ji taya na ƙara a kwana.

Ƙa'idar tafiya gajeriya ce: yatsu a ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga daɓe, santimita 15 zuwa 20, a karkato kayan baya kaɗan su jingina. Ba a ɗagawa ko saukewa ana juyawa. In kaya sun tare maka gani, ka yi ribas kana duban inda za ka. A gangara kuma, kamar ta hawa dandamalin lodi, mai kaya kayansa su fuskanci tudu a koyaushe: ya hau da gaba, ya sauko da ribas. Marar kaya kuma akasin haka, yatsunsa su fuskanci kwari. Ba a yin kwana a tsakiyar gangara ko da an yi kuskuren hanya, sai an kai sama ko ƙasa.

Sai maganar da za su yi maka gardama a kanta, bel ɗin kujera. Za su ce, "Oga, sau ɗari nake hawa ina sauka a rana, kuma in ta tashi faɗuwa ai gara in yi tsalle." Kada ka ce musu doka ce, ka kai su su dubi rufin ƙarfen da ke saman kujera. An yi shi don ya tare kayan da za su faɗo daga sama. Amma in motar ta kife gefe, mutum yakan yi tsalle ne ta ɓangaren da take faɗuwa, don can jikinsa ke rinjaya, sai wannan rufin ya same shi a ƙasa, a wuya ko ƙirji ko ƙafa. Mota mai ɗaukar tan biyu da rabi ita kanta tana kusan tan huɗu. Da wuya mutum ya riga ta. Abin da ake yi shi ne ka zauna daram, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka dafe ƙafafu a ƙasan motar, ka karkata jikinka zuwa ɓangaren da ke yin sama. Bel ɗin shi ne zai riƙe ka a lokacin da tsoro ya hana ka tuna duk wannan. Ni nakan sa kowa ya hau ya gwada zaman a gabana, mota a kashe, ina ce masa "ta faɗi hagu!" in ga ina zai karkata. Suna dariya, amma rabinsu kan karkata ta inda bai kamata ba a karon farko, kuma dariyar ce ke sa abin ya zauna.

Ga yadda jawabin safiya ɗaya zai iya kasancewa, in ka haɗa shi da abin da ka gani a zagayenka. A ce watan Yuli ne, an kwana ana ruwa:

"Salamu alaikum, barkanmu da asuba. Baba, ina kwana, ya jikin? To jama'a, yau tirela uku ce, duka taki, ta farko tana ƙofa ta biyu. Na duba, an jera buhu 40 a kowane falet, kuma yadda aka loda su ta dogon gefe za ku shiga. Wa zai tuna mana nawa motar nan ke ɗauka ta dogon gefe? Yawwa, dubu biyu da ɗan kai. Wato yau ba mu da rara. Kowa ya tura yatsu har falet ya taɓa gindi kafin ya ɗaga, in ka ga haske a tsakani ka sake shiga. Wanda ya ji sitiyari ya yi sakwaf ya sauke ya kira ni, ba zan tambaye shi dalilin ɓata lokaci ba. Na biyu, gangarar ƙofa ta biyu a jiƙe take, kuma buhun yuriya ya fashe a gindinta jiya. Na sa a share a zuba yashi, ba wanda zai hau sai na ɗaga hannu. Akwai wanda motarsa ta yi masa wani abu jiya? Birkin lamba uku? To lamba uku ba za ta fita ba sai makaniki ya gani, kawo makullin. Kowa ya duba tasa. Allah Ya tsare mu."

In ka karanta shi a hankali bai kai minti uku ba, saura biyun nasu ne. Ka lura da yuriyar nan da na ambata: tana jan danshi, in ta zube a kan daɓen siminti a damina sai ta narke ta yi santsi kamar an zuba kuɓewa, kuma tayar fokilif, musamman irin ta roba zalla wadda ba a hura wa iska, ba ta da abin kamawa. Mai sito na shinkafa kaɗai ba ya fama da wannan, ku kuna fama.

Dubawar da na ce kowa ya yi ba ta wuce minti biyar, amma sai ka nuna musu me ake nema, in ba haka ba zagaya motar kawai za su yi su doki taya da ƙafa. A duba ƙasan inda ta kwana, ko akwai ɗigon mai. A duba sarƙoƙin ɗagawa biyu, su zama tsaurinsu ɗaya, ba tsatsa, ba ƙullin da ya ƙage. A duba yatsu a daidai lanƙwasar gindi, nan ne suke tsagewa, nan ne kuma suke cinyewa saboda jan su a ƙasa. In kaurin wurin ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfinsu ya ragu da kusan kashi 20, sai canji, kuma ba a kai su wurin mai walda a yi musu ciko. Sannan a tada ta, a gwada birki da hambirki da hon, a ɗaga yatsu sama a tsaya a gani ko suna zamewa ƙasa da kansu, alamar man haidirolik na gudu ta wani wuri ke nan. Gargaɗi ɗaya a nan: kada kowa ya shafa tiyo da hannu yana neman inda yake yoyo alhali mota na aiki. Man yana fita da ƙarfin da zai huda fata ya shiga nama, raunin kamar tsinin allura ne a ido, amma yana iya kai mutum ga rasa yatsa in ba a yi asibiti da wuri ba. Da guntun kwali ake nema.

Jos kuma tana da nata jawabin, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ka san yadda sanyin asuba yake a kan hanyar Bukuru. Man haidirolik yakan yi kauri, ɗagawa ta yi nauyi ta riƙa fizga, don haka a bar injin ya ɗan ɗumama, a ɗaga yatsu a sauke sau biyu ko uku babu kaya kafin a taɓa falet. Kowa kuma ya zo da hular sanyi har kunne da rawani a kai, direba da ɗan dako duka, wato hon ɗin da kake dogara da shi rabinsa ake ji. In kuna da mota mai batir, ka duba inda masu gadi ke hura gawayi su ji ɗumi. Batir in yana caji yana fitar da iska mai kama wuta, wadda ba a gani ba a jin warinta, kaskon wuta ko sigari kusa da wurin ba abin wasa ba ne. In masu dizal ne, matsalar ta juya: saboda sanyi sai a rufe ƙofofin sito ana aiki a ciki, hayaƙi ya taru. Direban da ya ce maka kansa na ciwo da hantsi, yana jin jiri, kafin ka ce zazzaɓi ne ka buɗe ƙofofi ka fitar da shi iska.

'Yan dako su ma ka jawo su cikin jawabin ko sau ɗaya a sati, don su ne a ƙasa. Abin da ba su sani ba shi ne bayan fokilif yana fita waje in ta yi kwana, ba kamar mota ba. Mutum yana tsaye a gefe yana ganin gabanta ya wuce shi, sai ƙarfen baya ya share shi ya haɗa da bango ko da jerin buhu. Ka tsayar da buhun da babu komai a ciki sai ƙaiƙayi a gefen hanya, ka sa direba ya yi kwana a hankali, su ga yadda bayan ke bugunsa. Kuma mota mai tafiyar kilomita 10 a awa tana cin kusan mita uku a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafar direba ta kai birki. Shi ya sa nake cewa a cikin sito kada ta wuce saurin mutum mai tafiya da ƙafa, a yi hon a kowace ƙofa da kowace kwanar da ba a ganin bayanta. Ba mai hawa yatsu a ɗaga shi ya gyara buhu, ba mai wucewa ta ƙarƙashinsu ko da babu kaya. In kuma motarku na shiga cikin tirela ko kwantena daga dandamali, a sa weji a taya, makullin tirelar ya zauna a aljihunka har a gama. Direban tirela yana gaggawar komawa, in ya ji shiru zai ɗauka an gama ya ja.

Game da waɗanda suka girme ka, kada ka koya musu, ka tambaye su. Ranar da za ka yi maganar gangara, ka ce, "Baba, kai da ka daɗe, in mutum zai sauko da kaya ta nan yaya ake yi?" In ya faɗi daidai, jawabin ya fito daga bakin da yaran ke jin maganarsa, kai ka huta. In ya faɗi ba daidai ba, kada ka gyara shi a gaban yara. Ka ce "mu duba abin da littafin motar ya ce," ko ka same shi shi kaɗai bayan an watse, gobe shi da kansa zai faɗi daidai ɗin kamar dama can ya sani. Amma wuri ɗaya ne girma ba ya aiki: in ka ce mota ba za ta fita ba, ba za ta fita ba. Kuma duk jawabinka zai tashi a banza ranar da manaja ya leƙo ya ce tirela na cin kuɗin jira, kai kuma ka miƙa makullin lamba uku da birkinta a haka. Direbobi ba sa auna ka da abin da ka faɗa da ƙarfe bakwai, suna kallon abin da ka yi da ƙarfe sha ɗaya. Don haka ka je wurin manajan tun yau, tunda shi ya ce a yi jawabin, ka nemi ya yarda a gaban kowa cewa kana da ikon tsayar da mota.

Ka sayi littafi mai layi ka ajiye. Kowace safiya kwanan wata, maganar da aka yi a layi ɗaya, sunayen waɗanda suka halarta da sa hannunsu, da duk abin da aka ce ya lalace da ranar da aka gyara. Ka riƙa rubuta har abin da ya kusa faruwa bai faru ba, falet da ya zame, ɗan dako da ya sha da ƙyar, ba tare da sunan mai laifi ba, in ba haka ba ba wanda zai ƙara gaya maka. Daga nan za ka riƙa samun jawabin gobe. In kuma, Allah Ya kiyaye, wani ya ji rauni, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, tana buƙatar a kai rahoto, kuma littafin nan ne zai nuna abin da aka faɗa da abin da aka gyara da wanda aka ƙi gyarawa.

Gobe dai ka fara da allon. Ka je yau da yamma ka goge na motocin huɗu, ka rubuta lambobin kowace, don ba lallai su zama iri ɗaya ba, sau da yawa a sito ɗaya za ka samu mai tan biyu da rabi da mai tan uku an yi musu fenti iri ɗaya. In ka tarar wata allonta ya ɓace ko ya goge ba ya karantuwa, ka ɗauki lambar jikinta ka ba makaniki ya nemo ƙarfinta daga dillalin kamfanin, kafin nan kuma a bar ta a kan falet ɗin da bai wuce rabin lodi ba. Ka tanadi bokitin ma tun dare, don da asuba famfon sito ba ya cika kawo ruwa.